Daga Maki 7 Zuwa 65,535: Yadda Jarumin Gem Ke Girma da Inda Yake Tsayawa

A shekarar 1986 kamfanin Enix na ƙasar Japan ya fitar da wani wasa mai suna Dragon Quest a kan na'urar Famicom ta Nintendo. Yuji Horii ne ya tsara shi, Akira Toriyama, wanda yara suka fi sani da Dragon Ball, ya zana dodanninsa. Da ya isa Amurka a 1989 aka sa masa suna Dragon Warrior, kuma alƙaluman da zan kawo daga wannan fitowar suke. Wasan yana farawa ne da wani saurayi a fadar sarki, ba shi da komai sai 'yan kuɗin guzuri. Yana fita daga ganuwar Tantegel zai hango fadar babban abokin gabarsa, Dragonlord, a tsallaken ruwa, kusa ƙwarai, kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Amma kafin ya iya tsayawa gaban mai wannan fada sai ya share sa'o'i masu yawa yana tara wata lamba da ke ƙaruwa a gefen allo. Wannan lambar ita ce makin gogewa, wadda mafi yawan wasanni ke rubutawa EXP.

Wanda ya saba da gem ɗin ƙwallo ko na tseren mota ya san cewa can saurin yatsa ne ke raba gardama. Irin waɗannan wasanni kuwa bi-da-bi ake yin su, kamar dara: ka zaɓi abin da za ka yi, ko sara, ko tsafi, ko shan magani, ko gudu, sai abokin karawa shi ma ya yi nasa. Kana iya ajiye na'urar ka je ka ci abinci ka dawo, dodon yana nan yana jiranka. Tunda saurin hannu ba ya aiki, dole a sami wani abin da zai nuna cewa jarumin yau ya fi na jiya. Abin da aka samo shi ne lissafi. Duk dodon da ka kayar yana da makin da aka yanka masa. Makin yana taruwa, idan ya kai wani adadi sai jarumi ya hau mataki na gaba, ƙarfinsa da zafin namansa da jininsa su ƙaru. Dabarar ba daga Japan ta fito ba. Ta samo asali ne daga Dungeons & Dragons, wasan takarda da fensir da Gary Gygax da Dave Arneson suka buga a Amurka a 1974, inda mayaƙi ke buƙatar maki 2,000 kafin ya hau mataki na biyu, 4,000 na uku, 8,000 na huɗu. Wasannin kwamfuta irin su Wizardry da Ultima suka ɗauka, Horii kuma ya sauƙaƙa ta yadda ɗan firamare zai iya bi.

Bari mu bi jarumin Dragon Quest daga ƙofar gari. Dodo na farko da zai tare shi wani ɗan curi ne shuɗi mai murmushi, Slime, wanda ke ba da maki 1 tak. Mataki na biyu yana buƙatar maki 7. Ke nan faɗa bakwai, abin da ba zai ci minti goma ba. A faɗa na bakwai, dodon yana faɗuwa sai wani ɗan gajeren kiɗa ya tashi, rubutu ya fito cikin baƙin akwati yana lissafa abin da ya ƙaru: ƙarfi kaza, jini kaza. Mataki na uku yana kan maki 23, kuma a nan jarumi ke koyon tsafinsa na farko, HEAL, wanda ke mayar masa da jinin da ya zuba. A maki 47 ya hau na huɗu ya sami HURT, na jifa da wuta. Daga nan tazarar ta fara buɗewa: 110, sai 220, sai 450, sai 800, sai 1,300, mataki na goma kuwa 2,000 cif.

A dubi yadda aka jera waɗannan lambobi. Na farko-farko an matso su kusa da juna da gangan, don sabon ɗan wasa ya ji daɗin hawa sau uku ko huɗu tun bai gaji ba, ya kuma gane da kansa, ba tare da an karanta masa doka ba, cewa faɗa yana da lada. Da ya gane, sai a fara ja masa rai. Tsakanin mataki na tara da na goma akwai maki 700. Wanda ya ce shi ba zai bar gindin ganuwa ba, zai ci gaba da dukan Slime tunda ba ya cutarwa, to faɗa 700 ke gabansa kafin ya ƙara jin wannan kiɗan. Babu wanda ya hana shi, amma ba mai hankalin da zai yi. Dole ya tsallaka gada. A taswirar wannan wasa, gada alama ce: a ɗaya gefen dodanni sun fi ƙarfi, sun kuma fi ba da maki. Wannan shi ne ainihin aikin jadawalin maki, kuma shi ya sa nake ganinsa abin burgewa. Mai tsara wasa ba ya nan tare da kai, ba zai iya ce maka tashi ka yi gaba ba. Sai ya sa wurin da ka saba ya daina biyanka, ya ajiye ladan a wurin da kake tsoro.

Tambayar da mutum zai yi ita ce, me ya sa hawa mataki ɗaya ko biyu ke sauya faɗa haka da yawa, alhali abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba? Amsar tana cikin yadda ake lissafa sara. A wannan wasa ana cire rabin kariyar dodo daga ƙarfin harin jarumi, abin da ya rage sai a ɗauki wani adadi tsakanin rubu'insa da rabinsa, shi ne jinin da dodon zai rasa. A ɗauka harinka 40 ne, kariyar dodon ma 40. Cire 20, saura 20, saranka zai ci tsakanin 5 da 10. Yanzu ka hau mataki biyu ko ka sayi sabon takobi, harin ya koma 50. Cire 20, saura 30, saran ya koma tsakanin 7 da 15. Ƙarfinka da rubu'i kawai ya ƙaru, amma ɓarnar da kake yi ta ƙaru da rabi. Kuma duk zagayen da ka rage a faɗa, duka ɗaya ke nan ka tsere wa. Dodon da a da yake cin sara shida yanzu huɗu sun ishe shi, ka sha duka kaɗan, ka kashe tsafin warkarwa kaɗan, ka iya nisa cikin kogo kafin guzurinka ya ƙare. Ƙaramin ƙari a sama yana zama babban sauƙi a ƙasa.

Ta nan ne ma ake gane ko matakin mutum ya yi ƙasa da inda ya kai kansa. Ba sai an kashe shi zai sani ba. Idan bayan kowane faɗa da dodon hanya sai ya yi HEAL, idan ma'aunin tsafinsa, MP, ya kusa ƙarewa tun bai kai rabin kogo ba, idan rubutun allo yana yawan rikiɗewa zuwa launin gargaɗi saboda jini ya yi ƙasa, to ya yi gaggawa. Idan kuma kowane dodo sara ɗaya yake faɗuwa, makin da yake bayarwa kuma bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ake nema ba, ya daɗe a wurin fiye da kima. Horii ya yi wani rangwame da ya taimaki wasan ƙwarai: idan aka kashe jarumi, yana farkawa a gaban sarki, ya rasa rabin kuɗin da ke hannunsa, amma makinsa ko ɗaya ba ya raguwa. Saboda haka ko tafiyar da ta ƙare da mutuwa ba ta tashi a banza ba. Wanda bai iya dabara ba, haƙuri zai kai shi. Sarkin kuma duk lokacin da aka je gaishe shi yana faɗin adadin makin da ya rage kafin mataki na gaba.

Akwai wani dodo guda da ya karya wannan tsari, kuma shi ya fi kowanne farin jini. Metal Slime kamanninsa ɗaya da ɗan curin farko, sai dai launin ƙarfe ne. Jininsa 4 kacal, amma makinsa 115, ya fi na Green Dragon da ke ba da 45 bayan ya gasa mutum da wuta. Matsalar ita ce kariyarsa ta kai maƙura, yawanci saranka 1 zai ci ko ya tashi a banza, da wuya tsafi ya kama shi, kuma sau da yawa kafin ka kai sara na biyu ya ranta a na kare. Duk wanda ya taɓa kai masa sara uku, saura ɗaya, ya ga rubutu ya fito cewa ya gudu, ya san wani irin takaici na musamman. Amfaninsa a tsarin wasan shi ne ya sa caca a cikin aikin da ya fara zama na gajiya. Ana cikin zirga-zirga ido ya fara lumshewa, sai ga shi ya bayyana, mutum ya gyara zama.

Gajiyar kuwa gaskiya ce, kuma ba zan kare Dragon Quest na farko a kanta ba. Daga mataki na 13 zuwa sama wasan ya ƙare da sababbin wurare kafin jadawalin ya ƙare da buƙata. HEALMORE, babban tsafin warkarwa wanda da wuya a ci Dragonlord ba tare da shi ba, sai a mataki na 17 ake samu, kan maki 16,000. HURTMORE sai na 19, kan 22,000. Na 20 yana kan 26,000. Tsakanin 19 da 20 ke nan maki 4,000, wato faɗa kusan 89 da Green Dragon. A wannan gaɓar ɗan wasa ba ya gano komai sabo, yana kai da komo ne a kan ƙasa ɗaya yana danna maɓalli ɗaya. Jadawalin da a farko yake tura mutum gaba ya koma shinge. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ma'ajiyar kaset ɗin ƙarama ce ƙwarai, ba ta da wurin ƙarin garuruwa da koguna, sai aka tsawaita wasan da lambobi. Da aka sake fitar da shi a kan na'urorin baya, an ƙara makin da dodanni ke bayarwa don rage wannan wahala.

Sai maganar rufi. Matakin ƙarshe a wasan shi ne 30, kuma ana kai shi ne a maki 65,535. Matakan da ke dab da shi tazararsu 4,000 ce daidai, 54,000, 58,000, 62,000, ta yadda na gaba ya kamata ya zama 66,000. Me ya hana? Na'urar tana ajiye lambobi ne a ƙananan gurabe, kowane gurbi yana ɗaukar daga 0 zuwa 255. Idan aka haɗa gurbi biyu, babbar lambar da za su iya riƙewa ita ce 65,535. An ware wa maki gurbi biyu, don haka nan ƙidayar ta tsaya. Kuɗin jarumi ma a wannan adadin suke cika. Duk inda mai tsohon gem ya ga 255 ko 65,535, bangon na'ura ya taɓo. Inda ya ga 99 ko 9,999 kuwa, yawanci faɗin akwatin rubutu ne ya yanke hukunci, an bar wurin lamba biyu ko huɗu kawai.

Amma na'ura ba ita kaɗai ce ke sa rufi ba. Mafi yawan masu wasa suna cin Dragonlord a wajen mataki na 20, da maki 26,000 ko abin da ya yi kusa. Daga nan zuwa rufi akwai sauran 39,535, fiye da duk abin da aka tara tun farkon wasa. Ko da kowane dodo yana ba da 50, faɗa kusan 790 ke nan, bayan babu sauran wanda za a nuna wa ƙarfin. Ashe rufin ba don mai bin labari aka yi shi ba, shi ba zai ma hango shi ba. An ɗaga shi ne sama da buƙata don wanda ya kasa cin babban dodo kullum ya sami damar ƙara ƙarfi, an kuma tsayar da shi don lissafin sara kada ya fita daga inda aka gwada shi. Wani lokacin kuma rufin yana faɗin wani abu game da mutanen labarin. A Dragon Quest II na 1987 jarumai uku ne, kowa da iyakarsa: babban yarima 50, ɗan'uwansa na Cannock 45, gimbiyar Moonbrooke 35. Dungeons & Dragons na 1974 ma ya yi haka, inda wada mayaƙi ba ya wuce mataki na shida, don a daidaita baiwar da aka ba shi tun farko da ta ɗan'adam wanda ba a yanka masa iyaka ba.

Dragon Quest III na 1988 ya kawo wata dabara da nake ganin ta fi ɗaga rufi hikima. Idan ɗan tawaga ya kai mataki na 20, ana iya kai shi haikalin Dhama ya sauya sana'a. Sai ya koma mataki na ɗaya, ƙarfinsa ya ragu da rabi, amma tsafin da ya koya yana nan. Boka ya koma mayaƙi, ya zama mayaƙi mai jifa da wuta. Tunda matakan farko arha ne, dodannin wurin da tawagar ta kai kuma suna ba da maki da yawa, cikin 'yan faɗa kaɗan sai ya hau matakai da dama a jere. An mayar wa ɗan wasa daɗin farkon wasa a tsakiyarsa.

Bayan shekara takwas, a 1996, Pokémon na Game Freak ya fito a kan Game Boy, kuma a nan ba jarumi ɗaya ke girma ba, halittu 151 ne. Rubuta wa kowace jadawalinta da hannu ba zai yiwu ba, sai aka koma ga ƙa'idar lissafi. Mafi sauƙin ganewa ita ce ta rukunin da Pikachu yake ciki, inda n ke nufin mataki:

```
EXP = n × n × n
```

Mataki na 10 maki 1,000 ne, na 50 maki 125,000, na 100, wanda shi ne rufi, miliyan ɗaya. A lura da abin da wannan ke nufi. Wanda ya kai mataki na 50 yana ganin ya yi rabin tafiya, alhali kashi ɗaya cikin takwas kawai ya tara. Rabin gaskiya sai wajen mataki na 80, kan 512,000. Makin da ake samu a faɗa kuwa ana ninka darajar halittar da aka kayar da matakinta, a raba da bakwai. Ɗan tsuntsu Pidgey darajarsa 55, idan yana mataki na uku zai ba da 23. Pikachu mai neman hawa daga 10 zuwa 11 yana buƙatar 331, faɗa 15 da irin wannan tsuntsu. Daga 50 zuwa 51 kuwa 7,651 ne, faɗa 333. Hikimar Horii ce dai, aka mayar da ita ƙa'ida. Idan halittar ta wani mai horarwa ce ba ta daji ba, ana ƙara rabi a kan ladan, idan kuma biyu suka shiga faɗan ana raba musu.

Wannan rabon ne ya haifi dabarar da duk tsohon ɗan wasa ya sani. Akwai wani kifi, Magikarp, da ake sayarwa kan kuɗi 500 a mataki na biyar. Bai iya komai ba sai fantsama ruwa, SPLASH, wanda ba ya cutar da kowa. Yana cikin rukunin masu jinkirin girma, inda ake ƙara rubu'i a kan lissafin da ke sama, don haka daga maki 156 sai ya kai 10,000 kafin ya hau mataki na 20. Yadda ake yi shi ne a sa shi a gaba, faɗa na farawa a janye shi a turo mai ƙarfi, mai ƙarfin ya sha dukan zagayen ya gama aikin, a raba maki biyu. Haka za a yi ta yi. Ranar da ya kai 20 sai allo ya fara walƙiya, kifin banza ya rikiɗe ya zama Gyarados, ɗaya daga cikin mafi ƙarfi a wasan. A nan jinkirin da kansa shi ne farashin, kuma an faɗa wa ɗan wasa farashin a fili.

Pokémon yana da wani rufi na biyu mai motsi, wanda ba shi da alaƙa da na'ura. Tunda ana iya musayar halittu tsakanin abokai ta waya mai haɗa Game Boy biyu, yaro zai iya karɓar dodo mai mataki 70 daga yayansa ya share wasan a yini ɗaya. Sai aka sa doka: halittar da aka karɓo daga wani ba ta bin umarni idan matakinta ya wuce lambobin yabon da mai ita ya ci. Lambar garin Cerulean tana kai biyayya zuwa mataki na 30, ta Celadon 50, ta Saffron 70, ta Viridian ta buɗe duka. Wanda ya yi gaggawa zai ba da umarni ya ga dodonsa ya yi biris, ko ya yi wani abin dabam, ko ma ya kwanta barci a tsakiyar faɗa. Zakaran ƙarshe na labarin kuwa halittunsa ba su wuce mataki na 65 ba. Rufin 100 an bar shi ne don karawa tsakanin abokai, domin idan kowa ya tsaya a wuri ɗaya, zaɓen tawaga da dabara ne za su raba su, ba yawan sa'o'in da wani ya samu ba.

Ƙa'idar lissafi tana da nata hatsarin, wanda jadawalin hannu ba shi da shi. Rukunin da Bulbasaur da Charmander da Squirtle suke ciki yana bin wannan:

```
EXP = 1.2n³ − 15n² + 100n − 140
```

An tsara ta ne don farkon girma ya yi sauri, ƙarshensa ya kai 1,059,860 a mataki na 100. Amma idan aka sa 1 a wurin n, amsar tana faɗawa ƙasa da sifili, wajen 54 a ƙasa. Masu wasan ba su damu ba, don a ƙa'ida babu halittar daji da ke ƙasa da mataki na biyu. Sai 'yan wasa suka gano hanyoyin rikita gem ɗin har ya fito da irin wannan halitta a mataki na ɗaya. Gurabe ukun da ke riƙe makinta ba su san lamba ƙasa da sifili ba, sai suka karanta ta a matsayin fiye da miliyan goma sha shida. Idan aka sa ta faɗa ta sami maki ƙasa da 54, gem ɗin ya sake duba matakinta, ya ga ta zarce duk abin da ake nema, nan take ya ɗaga ta zuwa 100. Idan kuwa ta sami 54 ko fiye, ƙidayar ta zagayo ta dawo sifili, komai ya daidaita. A fitowar Game Boy Color da ta Game Boy Advance ƙwai yana ƙyanƙyashewa ne a mataki na biyar, sai a Diamond da Pearl na 2006, lokacin da an riga an toshe wannan kafa, aka fara barin jariri ya fito a mataki na ɗaya.